Takardar sirrin kamfani ta faɗo wayarka: Me za ka ce wa wanda ya turo ta?

A ranar 3 ga watan Yunin 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya soke lasisin bankin Heritage, ya miƙa shi ga hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC. Cikin mako guda wayoyin jama'a suka cika da takardu. Wasu na cewa akwai ƙarin bankunan da za a rufe, har da sunayensu. Wata kuma mai ɗauke da tambarin CBN tana sanar da rushe shugabannin bankunan Union da Keystone da Polaris.

Wannan ta ƙarshe ba jabu ba ce. Babban bankin ne ya fitar da ita da kansa, amma tun ranar 10 ga watan Janairun shekarar, watanni biyar kafin nan. Aka tono ta aka sake yaɗawa kamar a watan Yuni ta fito, daidai lokacin da hankalin masu ajiya yake a tashe. Sai da CBN ya fito ya bayyana cewa tsohuwar sanarwa ce, ya kuma musanta cewa yana shirin soke lasisin wasu bankunan da ake ta ambata.

Irin waɗannan takardu ba daga baƙo suke zuwa ba. A unguwanni irin su Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran sassan Tarauni, inda ma'aikacin banki da na asibitin Malam Aminu Kano da mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre ke haɗuwa a zauren WhatsApp ɗaya, mai turowa yakan zama maƙwabci ne, ko suruki, ko abokin karatu, ko dattijon da ake ganin girmansa. Shi ya sa tambayar ba ta tsaya kan ko takardar gaskiya ce ba. Akwai kuma abin da mutum zai ce wa wanda ya turo, yadda ba zai ci fuskarsa ba, ba kuma zai bar shi ya jefa kansa ko wasu cikin matsala ba.

Takarda iri uku ce

Duk takardar da aka ce ta ɓullo daga cikin wani kamfani tana iya zama ɗaya daga cikin uku. Ko dai ƙirƙirarriya ce, wani ya ɗauko tambarin kamfani daga intanet ya manna a kan abin da ya rubuta. Ko ta gaske ce amma an sauya mata lokaci ko an yanke wani sashe, kamar sanarwar CBN ta watan Janairu. Ko kuwa ta gaske ce, wani na ciki ya fitar da ita ba da izini ba.

Ko a wannan na uku, kasancewar takarda ta gaske ba ya nufin duk abin da ke cikinta ya tabbata. A farkon watan Oktoban 2017 wata wasiƙa ta ɓullo wadda ƙaramin ministan man fetur na lokacin, Ibe Kachikwu, ya rubuta wa Shugaba Muhammadu Buhari a ƙarshen watan Agusta, yana zargin shugaban kamfanin NNPC, marigayi Maikanti Baru, da bayar da kwangilolin kusan dala biliyan 25 ba tare da sanin majalisar gudanarwar kamfanin ba. Wasiƙar ta ministan ce da gaske. Amma abin da ke cikinta ƙorafin ɓangare ɗaya ne, kuma bayan 'yan kwanaki NNPC ya fitar da martani yana musanta zargin. Wanda ya karanta wasiƙar kaɗai ya ji rabin zance ne.

Mai karɓar takarda a waya ba ya iya sanin wacce daga cikin ukun ke hannunsa a kallon farko. Mai turowar ma yawanci bai sani ba. Saboda haka amsar farko ba ta zama "ƙarya ce" ba, ba ta kuma zama "lallai an tona asirinsu" ba.

Misali daga zauren unguwa

A ɗauka, don misali, wani dattijo ya turo hotuna uku a zauren WhatsApp na unguwa bayan sallar isha'i. Hoton farko takarda ce mai tambarin wata masana'anta, an buga mata hatimin sirri, tana cewa za a sallami ma'aikata sittin a ƙarshen wata, kuma kamfanin ya yi wata shida bai zuba kuɗin fanshon da yake cirewa daga albashinsu ba. Sauran hotuna biyun jerin sunaye ne, kowane da lambar wayarsa da lambar asusunsa na banki da albashinsa. Biyu daga cikin sunayen 'yan unguwar ne.

Abu na farko shi ne a bar zauren a bi dattijon ta gefe. Gyara a gaban mutum ɗari yakan sa ko mai sauƙin kai ya tsaya kare abin da ya turo, alhali da a keɓe ne da ya saurara. Kira ya fi rubutu, zuwa ƙofar gida kuma ya fi kira. Maganar ba ta buƙatar tsawo:

"Baba, na ga takardar da kuka turo, Allah ya saka da alheri da kuka damu da yaran nan. Sai dai akwai lambobin asusun mutane a jiki, har da na 'yan unguwarmu. Da za a ɗan janye ta tukuna mu bincika, kada 'yan damfara su samu abin yi."

A nan ba a ce masa ya yi laifi ba, ba a ce takardar jabu ce ba. An nuna masa cutarwar da shi kansa ba zai so ba. Mai damfara da ya san sunan mutum da bankinsa da wurin aikinsa da adadin albashinsa ya samu duk abin da zai sa a yarda da shi idan ya kira ya ce daga banki yake, ya nemi a karanto masa lambar sirri. Wannan haɗarin yana nan ko takardar gaskiya ce ko rabin gaskiya.

Janyewar tana da lokaci. WhatsApp yana ba da kimanin kwana biyu a goge saƙo daga wayar kowa ta hanyar zaɓar Delete for everyone, kuma shugaban zaure yana iya goge saƙon da wani ya turo. Gogewa ba ta dawo da abin da wasu suka riga suka adana ko suka tura gaba, amma tana rage yawan waɗanda zai isa gare su da safe.

Tambayoyi uku ga mai turowa

Bayan an janye, sai a tambayi dattijon abu uku, cikin sigar neman sani. Daga ina ta zo masa? Shi wanda ya turo masa, ya ga takardar da idonsa ne ko shi ma turo masa aka yi? Kuma me yake so a yi da ita?

Amsar tambaya ta farko takan bayyana a jikin saƙon. Idan akwai alamar kibiya biyu da rubutun Forwarded many times, saƙon ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso. A irin wannan hali dattijon ba shi da wata masaniya da ta wuce ta kowa, kuma aikin da ya rage shi ne tantancewa. Idan kuwa ya ce ɗan ƙaninsa ne da ke aiki a ofishin biyan albashi na masana'antar ya ɗauko hoton da wayarsa, to magana ta sauya baki ɗaya, domin yanzu akwai wani takamaiman mutum da abincinsa ke cikin haɗari.

A nan mai tambaya ya kamata ya ja birki. Ba ya buƙatar sanin sunan yaron, kuma ya fi masa alheri kada ya sani. Abin da mutum bai sani ba, ba zai suɓuce daga bakinsa a majalisa ba, ba kuma za a matsa masa ya faɗa ba. Ya isa a ce: "Baba, ku bar sunansa a cikinku, ko ni kada ku faɗa mini."

Tambaya ta uku ita ce ta fi amfani, ita ce kuma aka fi mantawa. Mafi yawan masu turo irin wannan takarda ba tonon silili suke nema ba. Dattijon nan so yake kada a cuci yaran. Da zarar ya faɗi haka da bakinsa, an samu hanyar nuna masa cewa akwai matakin da zai kai ga wannan buri fiye da watsa hotuna.

Yadda ake duba takardar

Akwai abubuwan da kowa zai iya dubawa a cikin minti goma. Kwanan watan da ke jiki ya yi daidai da ranar mako da aka ambata, ko taron da aka ce an yi ya faɗo ranar Lahadi ko ranar hutun Sallah? Wanda aka ce ya sa hannu, yana riƙe da wannan muƙami a lokacin? Shafukan suna bin juna, ko an tsallake daga na ɗaya zuwa na huɗu? Akwai wurin da girman harafi ko launinsa ya bambanta da sauran, musamman a kan adadi ko kwanan wata? A sanarwar CBN da aka sake yaɗawa, wanda ya nemi sunayen bankunan uku a intanet zai ga labarin ya riga ya fito a jaridu tun watan Janairu.

Idan takardar a matsayin fayil ɗin PDF ta zo, ana iya buɗe ta a kwamfuta a duba sashen Properties, inda sau da yawa ake ganin ranar da aka ƙirƙire ta da manhajar da aka yi amfani da ita, wani lokaci har da sunan wanda ya rubuta. Takardar da aka ce ta shekarar bara ce amma fayil ɗinta ya nuna shekaranjiya aka haɗa shi a manhajar gyaran hoto tana buƙatar bayani. Sai dai a san iyakar wannan duka. Kuskure a jikin takarda yana iya nuna jabu ce, amma rashin kuskure ba ya nuna ta gaske ce, domin ƙwararren mai jabu ba ya barin irin waɗannan alamu. Sannan fayil da aka ce takardar sirri ce amma sunansa ya ƙare da .apk, wannan ba takarda ba ce, manhaja ce, kuma buɗe ta na iya miƙa wayar mutum ga ɓarayi.

Tantancewa mafi ƙarfi ita ce wadda ba ta dogara da takardar ba sam. A misalin nan, zargin kuɗin fansho abu ne da kowane ma'aikaci zai iya bincikawa da kansa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba duka a asusun fanshon ma'aikacin cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Wanda ake lissafa masa fansho a kan naira 100,000 a wata, naira 18,000 ya kamata ta riƙa shiga asusunsa, 8,000 daga aljihunsa, 10,000 daga kamfani. A wata shida ya zama naira 108,000. Ɗaya daga cikin 'yan unguwar da sunansu ya fito zai iya neman bayanin asusunsa daga kamfanin da ke kula da fanshonsa. Idan watanni shida babu komai, ga hujja a hannunsa wadda tasa ce halak malak, ba wanda zai tambaye shi ina ya samo ta. Da ita zai kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ko ƙungiyar ƙwadagonsu, ba tare da an ambaci takardar sirrin ba ko sau ɗaya. Idan kuma kuɗin na shiga yadda ya kamata, an gano cewa aƙalla wannan sashe na takardar ba gaskiya ba ne, kuma ba a ɓata sunan kowa ba.

Takarda tana iya tona wanda ya fitar da ita

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne ɗaukar hoton su tura wa wani da suka sani a kamfanin su tambaye shi ko gaskiya ne. Wannan kan zama miƙa mai fitarwar hannu da hannu.

Abin ya faru har ga ƙwararrun 'yan jarida. A 2017 wata ma'aikaciyar kwantiragi a hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, Reality Winner, ta buga wata takardar sirri ta aika wa jaridar The Intercept. Jaridar ta nuna wa hukumomi kwafin takardar domin ta tabbatar da sahihancinta. Masu bincike suka lura da alamar ninki a jiki, abin da ya nuna bugawa aka yi aka fita da ita a hannu. Suka duba waɗanda suka buga takardar, mutum shida ne kacal, suka kuma gano ita ce ta taɓa musayar saƙon imel da jaridar. An kama ta a watan Yunin shekarar, a 2018 aka yanke mata ɗaurin shekara biyar da wata uku.

Masana'anta a Kano ba ta buƙatar kayan aikin NSA. Jerin albashi mutum uku ko huɗu ne ke ganinsa. Idan a hoton ana ganin gefen tebur, ko kofin shayi, ko yatsan da ya danne takardar, ko rubutun biro a gefe, manaja zai gane ofishin cikin minti ɗaya. Hoton da aka tura a matsayin fayil kuma yana iya tafiya da bayanin irin wayar da ta ɗauka da lokacin da aka ɗauka, wani lokaci har da wurin.

Ya kamata wanda ya fitar da takardar ya ji gaskiyar matsayinsa ta bakin dattijon. A watan Disambar 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai, wanda ke ba da ladan kashi biyu da rabi zuwa biyar cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Amma tsari ne na gwamnati da ya shafi dukiyar jama'a, ba garkuwa ba ce ga akawun kamfani mai zaman kansa da ya sa hannu a kan alƙawarin riƙe sirri ranar da aka ɗauke shi aiki. Idan aka gano shi, kora ce mafi kusa, neman hakki a kotun ma'aikata kuma yana cin lokaci da kuɗi. Shawarar da ta dace a isar masa ita ce ya daina turawa kowa, kada ya koma ya ɗauko wasu takardun, musamman daga kwamfutar da ba shi da izinin shiga, domin wannan laifi ne na daban a dokar laifukan intanet, ya kuma ga lauya kafin ya sake ɗaga ƙafa.

Inda doka ta tsaya ga mai turawa gaba

Mutane da yawa suna ganin rubuta "kamar yadda aka turo mini" a saman saƙo yana wanke su. Ba ya wankewa. A dokar Penal Code da ake aiki da ita a Kano da sauran jihohin Arewa ɓata suna laifi ne, kuma wanda ya yaɗa zargi yana iya amsa tuhuma ko da ba shi ya ƙirƙira ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka taƙaita shi a gyaran 2024, har yanzu yana hukunta aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari.

Ta ɓangaren sunaye da lambobin asusu kuwa, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa kamfani nauyin tsare bayanan ma'aikatansa da abokan hulɗarsa, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar cikin awa 72 idan ya gano bayanan sun fita ta yadda zai iya cutar da masu su. Ma'ana, mutane sittin ɗin nan da ke cikin jerin su ne dokar ke karewa, kuma duk wanda ya ga sunansa yana da damar kai ƙorafi. Abin da ya dace a yi wa 'yan unguwar biyu shi ne a sanar da su a keɓe cewa bayanansu na yawo, su yi hattara da duk kiran da aka ce daga banki ne.

Idan zargin da ke cikin takarda babba ne, kamar gurɓataccen abinci ko magani, ko satar dukiyar jama'a, shiru ba shi ne mafita ba. Amma a kai shi inda ake da ikon bincike: NAFDAC idan abinci ne ko magani, EFCC ko ICPC idan almundahana ce, ko hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano, ko gidan jarida mai sashen bincike. Ko can ɗin, a fara da bayyana abin da takardar ta ƙunsa da baki, a bar hoton asali sai an ji yadda za su kare wanda ya fitar. Takardun Panama, fiye da miliyan goma sha ɗaya daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca, sun shafe kusan shekara a hannun 'yan jarida, ciki har da na Premium Times a Najeriya, ana tantancewa kafin a buga labarin farko a watan Afrilun 2016.

Idan ya ƙi saurara

Wani dattijon zai ce gaskiya ba ta buƙatar ɓoyo, ya ƙi gogewa. A nan mutum yana da abu biyu da ke hannunsa. Ba zai tura gaba ba, zai kuma iya yi wa shugaban zaure magana ya cire shafuka biyun da ke ɗauke da sunaye. Idan dole sai an ce wani abu a cikin zauren, jimla ɗaya ta wadatar, wadda ba ta ambaci sunan mai turowa ba: "Jama'a, takardar nan ba a tabbatar da ita ba tukuna, kuma akwai lambobin asusun 'yan uwanmu a ciki, don Allah a dakata da turawa."

Idan daga baya ta tabbata jabu ce ko tsohuwa ce, gyaran ya fi kyau ya fito daga wayar wanda ya turo, a zauren da ya turo. A kai masa hujjar a keɓe, a bar shi ya sanar da kansa. Mutanen da suka yarda da takardar saboda shi ne ya turo, maganarsa ce kaɗai za ta sa su sake ta.